Kafin a buɗe fayil ɗin da ya zo a imel, a duba ƙarshen sunansa

A ranar 23 ga Disamba, 2015, wutar lantarki ta ɗauke wa masu amfani da ita kusan 225,000 a ƙasar Yukren, bayan da masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta guda uku. Watanni kafin haka aka buɗe musu ƙofa: an aika wa ma'aikata takardun Word da Excel ta imel, takardun suka nemi a kunna macro, wasu suka kunna. Shi macro ɗan ƙaramin shiri ne da ake dasawa a cikin takarda domin ya sauƙaƙa aikin da ake maimaitawa, sai dai yana iya sauko da mugun shiri daga intanet ba tare da mai kwamfutar ya ga komai ba.

A shekarar 2022 kamfanin Microsoft ya fara toshe macro a takardun da suka fito daga intanet. Masu kutse ba su daina ba, hanya suka sauya. Sun koma cusa tarkonsu a cikin zip, domin wasu manhajojin warware zip ba sa ɗora wa abin da ke ciki alamar nan da Windows ke gane baƙon fayil da ita.

A ɗauka hadimin wani darakta a Sakatariyar Tarayya ya sami saƙo da ke cewa ga jerin waɗanda aka yi wa ƙarin girma, a duba kafin a tashi aiki. An haɗo `Promotion_List.zip`, an kuma rubuta kalmar sirrin buɗe shi a jikin saƙon. Wannan kaɗai ya isa a dakata. Makullin da aka rataye a jikin kwaɗo ba ya hana kowa shiga. Amfaninsa ɗaya ne: manhajar da ke tace saƙonnin ma'aikata takan kasa leƙa cikin zip mai kulle, sai ya wuce ba a bincike shi ba.

Idan hadimin ya leƙa ciki, zai iya ganin `Promotion_List.pdf`, ya saki jiki. Amma Windows na ɓoye ƙarshen sunan fayil in ba an umarce shi ya nuna ba, don haka sunan gaskiya yana iya zama `Promotion_List.pdf.exe`. Gyaran ba ya kai minti guda: a File Explorer, ƙarƙashin View, a kunna File name extensions. Ko an yi haka, `.lnk` ba ya bayyana, shi ya sa ya kamata a dubi layin Type. Takardar da aka ce PDF ce amma layin ya nuna Shortcut ko Application, ba takarda ba ce, umarni ne ke jiran a latsa.

Haka nan takardun Office. Waɗanda suka ƙare da `.docm` ko `.xlsm` an yi su ne domin ɗaukar macro, tsofaffin `.doc` da `.xls` su ma suna iya ɗauka. Sanarwar hutu ko jerin sunaye ba su da wata buƙatar macro. Duk takardar da ta buɗe a dushe, tana roƙon a latsa Enable Content, ko a shiga Properties a zaɓi Unblock kafin a karanta ta, neman a kwance mata takunkumi take yi.

Akwai kuskuren da masu himma ke yi, wato ɗora fayil ɗin a shafin VirusTotal domin a bincike shi. Shafin yana da amfani, amma abin da aka ɗora yana iya kaiwa hannun wasu masu hulɗa da shi. Idan takardar ta gaskiya ce kuma ta sirri, an fitar da ita waje ke nan. Wurin da ya dace shi ne sashen kula da kwamfutoci na ma'aikatar, wanda zai iya kai rahoto ga ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro.

Nauyin bai tsaya kan hadimi kaɗai ba. Ganin sunan abokin aiki a kan saƙo ba shaida ba ce, tunda ana sace akwatin imel a yi amfani da shi wajen amsa tsohuwar tattaunawa. Abin da ke raba gardama shi ne a kira wanda aka ce ya aiko, ta lambar da aka riga aka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. Kiran yakan ci minti biyar ko goma, kuma a nan ne shugabanni ke da laifi: hadimin da ya saba shan faɗa saboda jinkiri zai latsa ne kafin ya tambaya. Ya kamata kowane babban sakatare ya sa a rubuce cewa an yarda ma'aikaci ya riƙe zip mai kulle ko takarda mai macro har sai an tabbatar da ita, ko da sunan minista ne a kan saƙon.