Kafin ka sa hannu a takardar sallamar inshora, ka san abin da ka yafe

Tun daga 1 ga Fabrairun 2025 da ’yan sanda suka tsananta binciken takardar inshorar mota, direbobi da dama sun yanki ta Naira 15,000. Amfaninta shi ne, in mota ta buge ka, akwai kamfanin da zai biya. Sai dai kafin kuɗin ya shigo, za a turo maka wata takarda, wani lokacin ma ta waya, a samanta an rubuta Discharge Voucher. Yawancinmu rasit muka ɗauke ta. Ba rasit ba ce.

Rasit yana nuna ka karɓi kuɗi ne kawai. Ita kuwa wannan yarjejeniya ce: ka yarda cewa abin da aka rubuta shi ne cikakken biya kuma na ƙarshe, ka sallami kamfanin daga duk wani haƙƙinka a kan wannan haɗarin.

Bari mu buga misali. A ce mota ta buge wani matashi ɗan acaɓa a hanyar Baure zuwa Zango. Gyaran babur ya ci Naira 280,000, asibiti ya ci 120,000, jimilla 400,000. Kamfanin inshorar mai motar ya ce zai ba da 350,000. Yaro ya yi wata guda ba ya fita aiki, ga bashi, sai ya ce a kawo kawai. Ya sa hannu, alat ya shigo. Bayan wata uku ƙafar ta ƙi haɗewa, likita a Daura ya tura shi Katsina, aka ce aikin zai ci 600,000.

To, me ya yafe? Na farko, cikon 50,000 ɗin nan ya tafi. Na biyu, kuɗin aikin ƙafar. Irin wannan takarda takan haɗa har da raunin da bai riga ya bayyana ba, don haka cewa “ai lokacin ban sani ba” ba za ta fisshe shi ba. Na uku, wanda mutane suka fi mantawa: galibi ba kamfanin kaɗai ake sallama ba, har da mai motar. Ke nan in ya kai direban kotu, takardar da ya sa wa hannu ita lauya zai fara miƙa wa alƙali.

In kuma motarka ce ta ragargaje, kana da cikakkiyar inshora aka biya ka kuɗinta, to gawar motar ta zama ta kamfani, haka ma ’yancin bin wanda ya buge ka a kan abin da suka biya. Ba za ka karɓa a nan kuma ka karɓa a can ba.

Kamfanoni suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: ba za su biya yau, gobe a dawo musu da sabon lissafi ba. Takardar ma tana da amfani gare ka. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 daga fitar da ita ya biya, sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2025 ita ma ta matsa a kan biya da wuri. Matsalar ita ce sa hannu cikin matsi, a kan Turancin da mutum bai fahimta ba. Kotu na iya rushe takardar in an tabbatar da yaudara ko tilastawa, amma kai ne za ka kawo hujja, kuma “ina cikin babu” ba tilastawa ba ce a idon doka.

Matsayarmu ita ce, kada a sa hannu a kan rauni sai likita ya rubuta cewa jinya ta kammala, ko ya ƙiyasta abin da ya rage. In babur ne ya matsa maka, ka nemi a raba: a rubuta ƙarara cewa wannan biyan na gyaran babur ne kaɗai, maganar rauni tana nan. Iyakar Naira miliyan 3 da ke kan inshorar ƙaramar mota ta ɓarnar dukiya ce, rauni lissafinsa daban.

Ka duba adadin da aka rubuta da sunayen waɗanda kake sallama. Kada ka sa hannu a takardar da aka bar gurbin kuɗinta fayau. Ka sa wani naka, ba wakilin kamfani ba, ya fassara maka layi-layi, sannan ka ɗauki hotonta. In tayin bai yi maka ba, ka mayar da amsa a rubuce, in aka ƙi sauraronka ka kai koke hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora. Duk wannan kafin sa hannu ake yin sa. In biro ya riga ya hau takarda, sai dai haƙuri.