Turancinka ba kuskure, amma Hausa ce ka tura wa oga

Kwanaki wani ƙanena da ke aiki da wata ƙungiya a GRA nan Katsina ya miƙo mini wayarsa ransa a ɓace. Ya tura wa shugabarsu imel, baƙuwa ce daga ƙasar waje, kwana biyu shiru, ga kuɗin aiki sun maƙale. Ga abin da ya rubuta:

"Good morning Ma. Well done. I want you to help me sign the report before next tomorrow. They said the money will not come out without it."

Ka karanta shi da kunnen Bahaushe, za ka ji ladabi zalla: sannu da aiki, ina so ki taimaka ki sa hannu kafin jibi, an ce kuɗin ba za su fito ba sai da shi. Kuma Gboard bai ja masa layi ko ɗaya ba, don duk kalmomin an rubuta su daidai. Shi kibod harafi yake dubawa, ba ruwansa da abin da mai karatu zai fahimta.

Ni a ganina, ba kowace Hausa ce da ta leƙo cikin Turancinka ta cancanci ka damu da ita ba. Wadda za ka farauta ita ce mai canza ma'ana, ko mai sa a ɗauka ka raina mutum.

Babbar matsalar saƙon nan ita ce "help me sign". Mu idan muka ce "taimaka ki sa hannu", ita za ta yi aikin, kalmar taimako ladabi ce kawai. A Turancin da ita ta saba, "help me sign" na nufin kai ne za ka sa hannun, ita kuma ta kama maka. Ka ga ke nan an nemi abu, amma ba a faɗi wanda zai yi shi ba. Ga "I want you to" a gabanta. "Ina so ki" ba laifi a bakinmu, domin murya da rusunawa suna tausasa ta. Imel kuwa ba shi da murya, sai ya fito kamar umarnin da oga ke ba yaronsa. Maganin duka biyun guda ne: mayar da buƙatar tambaya, ka fara da "Could you please".

"Well done" ma haka. Sannu da aiki yake nufi, ita kuma yabo ta ji, irin wanda malami ke yi wa ɗalibin da ya ci jarabawa. "Next tomorrow" kowa ya san ta daga nan har Legas, amma da ta tsallaka iyaka shi ke nan. Ko da ɗan gida kake magana, rubuta sunan ranar, don ba ka san ranar da zai buɗe saƙon ba. Sai "They said". "An ce" ɗinmu ba ta buƙatar mai faɗa, amma "they" tana buƙata, dole a tambaye ka su wa? Faɗi ofishin kawai.

Ga yadda muka gyara:

"Good morning Ma. Could you please sign the attached report by Thursday? The finance office cannot release the funds without your signature. Thank you."

A gurbin Subject kuma muka sa "Signature needed by Thursday".

Wasu za su ce ai Turancin Najeriya ma Turanci ne, me ya sa za mu sauya? Na yarda da su rabi. Idan abokin aikinka ne da kuke cin tuwo tare a Ƙofar Ƙaura, rubuta masa "well done", zai ma ji daɗi. Gaisuwa ma ban ce ka yar da ita ba, layi ɗaya dai ya isa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a gudu daga wannan a faɗa wa "I humbly crave your indulgence". Wannan ya fi na farkon gajiyar da mai karatu.

Kafin ka danna tura, yi wannan gwajin: mayar da kowace jimla Hausa a zuciyarka. Wadda ta koma kalma bayan kalma, sumul ba gargada, tsaya ka sake dubanta, ka tambayi kanka wa zai yi aikin kuma yaushe. Idan da dare ka rubuta, a manhajar Gmail taɓa ɗigo ukun da ke kusa da alamar turawa, ka zaɓi Schedule send ka sa safiya. Saƙon zai zauna a Scheduled, kana iya buɗe shi da asuba ka sake karantawa, in ka ga gyara ka danna Cancel send ya koma Drafts.