SIRRIN SANA'A: Mutum huɗu kacal ba su isa su zaɓa maka fosta ba

Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san ƙarfin fosta. Mutum ya shiga shago a Bata ko Ƙofar Wambai a Kano, bai san komai game da fim ba, amma hoton kwali da sunan fim su sa ya zaro kuɗi. To yau fostar nan ta ƙanƙance ta koma cikin waya, ita ce ɗan hoton da ake gani a YouTube kafin a taɓa bidiyo. Bambancin shi ne, a da in furodusa ya buga fosta ta ƙi karɓuwa, sai dai haƙuri. Yanzu kuwa ana iya sauya hoto da suna ko da bidiyon ya shekara, a ga wanne ya fi ja. Sai dai a wurin "ganin" nan ne yara da yawa ke yaudarar kan su.

Mu ɗauki misalin wani matashi a Sabon Birni mai 'yar tashar barkwanci da Gobirci. Ya na da wani tsohon bidiyo da ya kwanta. Hoton farko duk 'yan wasan ne a jere kamar hoton biki. Sai ya cire, ya sa fuskar jarumin shi kaɗai, ido a zazzare. Da ya duba YouTube Studio, ya ga tsohon hoton an nuna shi sau 200 a mako, an taɓa sau 10, wato kashi 5 cikin ɗari. Sabon shi ma an nuna sau 200, an taɓa sau 14, kashi 7. Murna har kunne! Nan take ya yanke shawarar biyan mai haɗa hoto ya sauya masa na bidiyo talatin.

Allah ya taimake shi ya fara nuna wa wani yayan abokin sa, malamin lissafi a Isa. "Malam, duba ka gani, wanga hoto ya hi wancan nesa ba kusa ba." Malam ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Ƙanena, bar batun kashi. Mutum nawa ne tsakani?" Yaro ya lissafa: huɗu. Mutum huɗu! In mahaifiyar jarumin da ƙannen sa uku su ka ci karo da hoton a makon, ai shi ke nan an samu huɗun.

Abin da malamin ke nufi shi ne, ko ba a taɓa hoton ba, adadin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wannan mako 10, na gaba 13, na gaba 8, haka nan kawai, kamar cinikin mai shayi. Saboda haka kafin a ce sabon hoto ya yi nasara, dole ratar ta wuce irin wannan hawa da sauka.

Ga ma'aunin da ya koya masa, wanda ke aiki idan an nuna hotunan biyu kusan daidai wa daida. A haɗa taɓawar duka biyu: 10 da 14 sun ba da 24. A nemo lambar da in an ninka ta da kan ta za ta ba da kusan 24, wato 5. A ruɓanya ta, ta zama 10. To sai ratar ta kai 10 sannan a fara ɗaukar ta da muhimmanci. Ta yaron nan 4 ce, ko rabi ba ta kai ba.

Amma a ce ya jira har an nuna kowanne sau 2,000, tsohon ya samu 100, sabon ya samu 140. Kashin bai canza ba, har yanzu 5 da 7 ne. Jimla 240, lambar da ake nema ta kusa 16, ruɓi biyu 32. Rata kuwa 40 ce, ta haye. Yanzu ne ya ke da bakin magana. Mai karatu ya lura, sai an tsai da adadin da za a jira tun kafin a fara. Mai leƙawa kowace safiya ya dakata ranar da hoton da ya ke so ke gaba, to ya zama alƙalin wasan da ya hura tashi da zarar ƙungiyar sa ta ci.

Ko da adadin ya cika, akwai sauran rina a kaba. Yaron ya gwada hoto ɗaya a wannan mako, ɗayan a mako na gaba, alhali makonni ba su zama ɗaya. Makon Sallah da kowa ke gida da data ba ɗaya ya ke da tsakiyar damina da ake wuni a gona ba. Mutanen yankin nan ma sun fi kowa sanin haka: a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, saboda matsalar 'yan bindiga. Wanda ya sauya hoto a daidai lokacin, da ya rantse hoton ne ya kashe masa kasuwa. Haka nan in wani ya watsa bidiyon a zaurukan WhatsApp, masu kallo za su ƙaru, amma ba hoton ne ya jawo su ta cikin YouTube ba, kuma ba a lissafa su cikin sau nawa aka nuna hoton.

Wannan matsala ce YouTube ta yi wa magani a 2024 da ta fito da Test & Compare a cikin Studio na kwamfuta, sannan a 2025 ta ƙara da gwajin suna. Ana ɗora har guda uku, ita kuma ta raba su ga masu kallo a lokaci guda, don haka Sallah ko damina ta shafi kowanne daidai. Gwajin kan kai mako biyu. Ba a yin sa a kan Shorts.

Abin sha'awa, ba da yawan taɓawa ta ke yanke hukunci ba, da tsawon lokacin da aka zauna ana kallo ne. Kuma ta yi daidai. Kowa ya san halin wasu 'yan tasha: a manna hoton Ali Nuhu ko a rubuta "Asiri ya tonu" a bidiyon da babu ko ɗaya a ciki. Za a taɓa kam, amma cikin daƙiƙa goma an fice ana tsaki. Hoton da mutum 100 su ka taɓa su ka yi minti shida-shida ya tara minti 600. Wanda 140 su ka taɓa su ka yi minti biyu-biyu, 280 kawai ya tara.

Ƙaramar tasha dai ta shirya jin cewa babu wanda ya ci. Sau da yawa ba a samun Winner, domin masu kallon ba su isa a bambance ba, sai a bar na farkon da aka ɗora. Wannan ba lalacewar na'ura ba ce, maganar malamin Isa ce ta maimaita.

Shawarar da su ka tsaya a kai ita ce, ya ajiye kuɗin hoto talatin ɗin nan. Ya zaɓi bidiyo ɗaya, wanda har yanzu ya fi kowanne yawan nunawa, ba wanda ya mutu murus ba. Ya bar sunan yadda ya ke ya gwada hoto kawai, don in an sauya duka biyu ba a sanin wanne ya yi aikin. Hotunan kuma su bambanta sosai, taron jama'a da fuska ɗaya, ba jan rubutu da ruwan ɗorawa ba, tunda ƙaramin bambanci sai da dubban masu kallo ake gane shi. Ya rubuta ranar farawa a littafi, ya aro kwamfutar malam ya kunna gwajin, da sharaɗin ba zai sake leƙawa ba sai bayan Juma'a biyu.