Waiwaye: Ranar da aka sayar da hannun jarin dala 40 a kan senti ɗaya

Ranar Alhamis 6 ga Mayun 2010, bayan ƙarfe biyu da rabi na rana agogon New York, kasuwar hannayen jarin Amurka ta rikito. Ma'aunin Dow Jones ya zube da kusan maki 1,000, sannan ya farfaɗo da mafi yawansu kafin a tashi kasuwa. A ɗan wannan tsakanin aka sayar da hannun jarin kamfanin Accenture, mai kusan dala 40, a kan senti ɗaya.

Babu mai hankalin da ya zauna ya yanke wa kayansa wannan farashi. Irin umarnin da mutane suka bar wa dillalansu ne ya kai su can.

Duk mai sayen hannun jari ta manhajar waya ya san maɓallai biyu da ake nuna masa, Market da Limit. Idan ka danna Market, cewa ka yi a saya ko a sayar yanzu, ko nawa ya kama. Idan ka danna Limit, kai ne ka yanke iyaka: kada a saya maka sama da kaza, kada a sayar maka ƙasa da kaza. Na farko ya fi tabbatar maka cinikin zai faɗa, amma bai yi maka alkawarin farashi ba. Na biyu yana tsare maka farashi, amma kana iya wuni ba ka samu komai ba.

Abin da yake ruɗar sabon shiga shi ne lambar da yake gani a fuskar waya. Yawanci farashin cinikin ƙarshe ce, wanda wasu suka riga suka yi suka wuce. Kai da layin masu jira za ka yi ciniki, kuma kowannensu da adadinsa da farashinsa.

A ce kana son hannun jari 1,000, waya tana nuna naira 50. A layin masu sayarwa akwai mai 200 a kan naira 50, da mai 300 a kan naira 50.50, sai wani mai 1,000 da ya kafe a kan naira 53. Umarnin Market zai kwashe na farko a kan naira 10,000, ya kwashe na biyu a kan naira 15,150, ya cike ragowar 500 daga na uku a kan naira 26,500. Ka biya naira 51,650 ke nan maimakon 50,000 da ka ƙiyasta, tun ba a zo kan ladan dillali ba. Ba wanda ya cuce ka. Da ka sa Limit a kan naira 50.50, da 500 kawai za ka samu a kan naira 25,150, sauran su shiga layi su jira mai sayarwa, wanda ƙila ya zo, ƙila farashi ya haura ya bar ka.

A ranar 6 ga Mayu, layin masu saye ne ya watse. Manyan 'yan kasuwa masu ciniki da na'ura sun tsorata sun janye tayinsu. Abin da ya rage shi ne tayin cika ƙa'ida, irin wanda wasu dillalai kan ajiye a wancan lokacin a kan senti ɗaya don kawai a ce suna da tayi, ba don suna tsammanin wani zai karɓa ba. Umarnin Market bai san wasa ba, ya bi layi ya faɗa kansu. Wasu masu hannun jarin ma ba su danna komai a ranar ba: sun bar umarnin a sayar idan farashi ya sauko zuwa wani mataki, kuma da zarar ya taɓa matakin, sai ya rikiɗe ya zama Market.

Daga baya an soke cinikin da ya kauce wa farashin kafin rikicin da kashi 60 cikin ɗari ko fiye, ciniki sama da 20,000. Wanda aka sayar da kayansa a kan senti ɗaya ya sha. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya sayar da hannun jarin Procter & Gamble, da ya faɗi da fiye da kashi ɗaya bisa uku na 'yan mintoci: asararsa ba ta kai a soke ba, ta zauna.

A kasuwar NGX ta Legas farashi ba ya motsawa fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana, don haka senti ɗaya ba zai faru ba. Amma kashi 10 ma kuɗi ne, kuma ƙananan kamfanoni da yawa layinsu siriri ne. Kafin ka danna, dubi tazarar da ke tsakanin Bid da Ask, da adadin da ke jira a kowane farashi. Idan tazarar 'yan kwabbai ce kuma abin da kake so bai kai abin da ke saman layi ba, Market ba zai cutar da kai ba. Idan tana da faɗi, ko an buɗe kasuwa yanzun nan, ko wani labari ya fashe, ni dai Limit nake sawa, in haƙura ko da rabi aka cika mini.