Lamba ɗaya, suna uku: gyaran rajistar kwastomomi

Yawancin ƙananan sana'o'in da ke Gyadi-Gyadi da kewayen kasuwar Tarauni, daga teloli zuwa masu sayar da kayan masarufi, suna ajiye bayanan kwastomominsu a wurare uku, wato littafin bashi, da wayar mai shago, da wayar yaron shago. Ranar da aka kwashe su aka zuba a Excel, manhajar kwamfuta mai jera bayanai a layuka da gidaje, sai a tarar mutum ɗaya ya bayyana sau uku. Matsayar wannan shafi ita ce, gano lambobin da suka maimaitu aikin na'ura ne, amma hukuncin haɗe su na mai shago ne.

Tushen matsalar yana cikin yadda ake rubuta lambar. Lambar salula a Najeriya alƙaluma 11 ce da ke farawa da sifili, amma idan aka sa mata +234, lambar ƙasa, sifilin yakan faɗi, alƙaluma 10 su rage. Don haka ƙirƙirarriyar lamba 0803 123 4567 za ta iya fitowa da tazara a littafi, ta fito +2348031234567 daga WhatsApp, ta kuma zama 8031234567 saboda Excel yana zubar da sifilin farko idan ya ɗauki abin da aka shigar a matsayin adadi. Maganin wannan shi ne a mayar da gidajen lambobin kaɗai zuwa tsarin `Text` tun kafin a shigar da komai.

Matakin farko, bayan an ajiye kwafin asali a gefe, shi ne a mayar da dukkan lambobin siga ɗaya, ta hanyar cire tazara da karan ɗori, a riƙe alƙaluma 10 na ƙarshe. Idan lambobin suna layin A, sai a rubuta fomula ta farko a gidan B2, ta biyu kuma a C2, a ja su zuwa ƙasa:

```
=RIGHT(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(A2," ",""),"-",""),10)
=COUNTIF(B:B,B2)
```

Ta biyun tana ƙirga sau nawa kowace lamba ta bayyana, kuma duk inda ta nuna 2 ko fiye, nan ne ake buƙatar dubawa. Sai dai wannan dabara tana da iyaka a gari irin Kano, inda ake ciniki da mutanen Maraɗi da Damagaram, domin lambar Nijar alƙaluma 8 ce bayan +227, kuma yanke 10 na ƙarshe zai lalata ta. Alamar ita ce, duk sakamakon da bai fara da 7 ko 8 ko 9 ba, a ware shi a duba da ido.

A ɗauki misalin tela a Gyadi-Gyadi wanda lambar nan ta fito masa a layuka uku: na farko da sunan Muhammad ana binsa naira 15,000, na biyu da sunan Moh'd mai shadda ana binsa naira 8,000, na uku kuma da sunan Hajiya tare da awon riga. Idan ya danna `Remove Duplicates`, umarnin goge maimaici, ya kuma zaɓi lambar kaɗai a matsayin ma'auni, Excel zai bar layin farko ya share sauran, ba tare da ya tara komai ba, kuma ta haka naira 8,000 da awon Hajiya za su salwanta. Abin da ya dace shi ne ya koma littafi ya kwatanta kwanan wata: idan ɗinki biyu ne daban, bashin ya zama naira 23,000 a layi ɗaya, idan kuwa 8,000 ragowar 15,000 ce bayan an biya wani abu, tara su zalunci ne ga kwastoma.

Layi na uku kuwa ba maimaici ba ne ko kaɗan, domin a gidaje da yawa uwargida takan ba da lambar maigida, kuma haɗe su zai ɗora wa wani bashin da bai san da shi ba. Haka nan kamfanonin sadarwa sukan sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, saboda haka lambar da aka rubuta shekaru huɗu da suka wuce tana iya kasancewa a hannun baƙo, wanda bai kamata a aika masa saƙon tunin bashin wani ba, balle ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta wajabta kiyaye sahihancin irin waɗannan bayanai. Duk inda suna ya saɓa alhali lamba ɗaya ce, kiran minti ɗaya ya fi kowace fomula warware zance, kuma har sai an yi wannan kira, layukan biyu su zauna yadda suke.