Takardar Niyya: Abin da Take Ɗaurewa da Abin da Ba Ta Ɗaurewa

Sharhinmu na yau yana magana ne a kan wata takarda da ke yawan shiga hannun shugabannin ƙungiyoyin manoma, da 'yan kasuwa, da masu unguwanni, tun daga Kazaure da Roni da Gwiwa har zuwa Babura. Kamfani ko wani attajiri ne zai rubuto ya ce yana da niyyar yin hulɗa da ku: zai sayi riɗinku, ko zai kafa injin casar shinkafa, ko yana son fili ya shimfiɗa faifan lantarki mai amfani da hasken rana. Ya zayyana abin da zai kawo da abin da yake so ku kawo, ya sa hannu, ya buga hatimi. Wannan ita ce takardar niyya. Idan ɓangarorin biyu suka sa hannu tare, a kan kira ta yarjejeniyar fahimtar juna, wadda 'yan boko ke taƙaitawa da MOU.

Matsayinta kamar na baiko ne. An nuna ana so, iyaye sun sani, an sa rana, amma ba a ɗaura aure ba, kuma kowa ya san abin da bai halatta ba kafin a shafa fatiha. Kuskuren da ke jefa mutanenmu cikin asara shi ne ɗaukar wannan takarda a matsayin kwangila, su fara kashe kuɗi a kanta.

Kotun Ƙoli ta Najeriya ta riga ta yi magana a kan wannan a shekarar 2017, a shari'ar da kamfanin gine-gine na BPS ya yi da Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, wato FCDA. Kamfanin ya je da shawarar zai shimfiɗa tituna da sauran kayan more rayuwa a unguwannin Mabushi da Katampe a Abuja. Aka rattaba hannu a takardar fahimtar juna, a cikinta aka ce za a sa hannu a cikakkiyar yarjejeniya nan da kwana 14. Kamfanin bai jira ba, ya shiga shirye-shirye ya kashe kuɗi. Hukumar kuma ba ta sa hannun ba. Da magana ta kai gaban Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, wadda daga baya ta zama Babbar Jojin Najeriya, ita ta karanta hukuncin: takardar da aka rataya a kan wata yarjejeniya mai zuwa ba kwangila ba ce, bayani ne kawai na abin da ake fatan a ƙulla, don haka ba za a tilasta wa hukumar ta cika ta ba. To, idan kamfani mai lauyoyi a Abuja ya faɗa wannan rami, ina ga ƙungiyar manoma a ƙauyen Roni?

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce ƙungiyar manoman riɗi ce a ƙasar Babura, mai mutum 80. Wani mai fitar da kaya waje da ke da sito a kasuwar Dawanau a Kano ya rubuto a farkon watan Mayu cewa yana da niyyar sayen tan 60 na farin riɗi a wannan kaka. Shugaban ƙungiya ya karanta wa jama'a, aka yi murna. Tan 60 kilo 60,000 ke nan. Idan muka ƙaddara hekta ɗaya za ta ba da rabin tan, ana bukatar hekta 120, wato kowane mutum ya ware hekta ɗaya da rabi. A ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin gonar da za a zuba wa riɗi ita ce wadda da gero da wake za a shuka a ci a gida. Wani zai ci bashin taki, wani zai sayar da akuya. Idan Oktoba ta zo mai sayen ya ce kasuwar waje ta faɗi ya fasa, takardar da ke aljihun shugaban ƙungiya ba za ta tsayar da shi ba. Haka kuma, don a yi adalci, idan farashi ya tashi manoman suka kwashe riɗin suka kai wa wani, shi ma attajirin ba shi da abin kamawa.

Ba cewa nake a guji takardar ba. Tana da amfani ƙwarai idan an rubuta ta da hankali, domin ita ce ke bankaɗo saɓani tun ba a yi nisa ba. Abu na farko da za a nema a cikinta shi ne ma'auni. Kada a yarda a rubuta buhu kaza. Buhu suna ya tara, kuma rigimar tiya da mudu kowa ya san ta. A rubuta kilo, a faɗi sikelin da za a auna da shi, da inda za a auna, a ƙauye ne ko sai an kai Dawanau, da wanda zai biya mota da 'yan dako. A faɗi irin tsabtar da ake so, misali yashi da ƙaiƙayi kada su wuce kashi 2 cikin 100, da yadda za a gwada danshi, da wanda zai gwada. Yawancin cinikin riɗi ba a kan farashi yake lalacewa ba, a bakin sito yake lalacewa, lokacin da kaya sun riga sun sauka, mai saye ya zura hannu a buhu ya ce akwai datti sai an rage kuɗi, manomi kuwa ba shi da kuɗin motar komawa da kayansa.

Farashi kuma, a watan Mayu ba wanda ya san abin da kaka za ta zo da shi. Saboda haka abin da ya fi dacewa takardar ta faɗa shi ne hanyar da za a yanke shi: farashin Dawanau na ranar da aka auna kaya, da wani ƙasan farashi da ba za a sauka ƙasa da shi ba, da adadin kwanakin da za a biya bayan awo.

Sai gaɓar da na fi so a riƙe. Takardar niyya mai kyau tana raba kanta gida biyu, ta faɗa ƙarara: waɗannan sakin layi niyya ce kawai, ba su ɗaure kowa ba sai an sa hannu a kwangila, waɗannan kuma sun ɗaure mu tun daga yau. Abin da ake ɗaurewa kaɗan ne. Na ɗaya wa'adi: a misalinmu, idan ba a sa hannu a kwangila ba zuwa 15 ga Yuni, takardar ta mutu, kowa ya kama gabansa, manomi ya shuka geronsa tun damina ba ta yi nisa ba. Na biyu, idan mai sayen ya nemi kada ƙungiya ta yi ciniki da wani, to hanin ya tsaya a cikin waɗannan kwanaki 45 kaɗai, kada ya zarce har kaka. Na uku, wa zai ɗauki kuɗin da za a kashe kafin kwangila, kamar na auna gonaki da gwajin samfuri da sayen iri? Idan attajiri yana so a fara aiki tun kafin a gama rubutu, sai ya rubuta cewa abin da aka kashe, har zuwa naira kaza, a wuyansa yake idan shi ya janye. Wanda ya ƙi rubuta wannan layi ɗaya ya riga ya gaya muku nauyin niyyarsa.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da wannan fahimta. Sun bambanta alkawari da ƙulla ciniki, amma magana mafi shahara a wurinsu ita ce, idan ka yi wa mutum alkawari a kan wani dalili, ya kuma shiga ɗawainiya saboda alkawarin naka, to cikawa ta zama dole a kanka. Alkawari kaya ne. Sai dai ko a gaban alƙali, wanda ya zo da rubutu da shaidu ya fi wanda ya zo da "ai ya ce". Kuma idan ciniki ne na salam, wato a sayi amfanin gona tun bai zo ba, sharaɗinsa a biya kuɗin a gaba, jinkirin da aka yi rangwame a kai bai wuce kwana uku ba. Takardar da babu kuɗi, babu kaya, ba ta zama salam ba.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen. Kotu ba sunan da aka rubuta a saman takarda take dubawa ba, abin da ke ciki take dubawa. Idan an faɗi kaya, an faɗi farashi, an faɗi rana, babu inda aka ce sai an yi wata yarjejeniya, to tana iya zama kwangila ko da an kira ta takardar niyya. A Amurka, a 1985, kotu a jihar Texas ta ci kamfanin mai na Texaco diyyar sama da dala biliyan 10 saboda ya shiga tsakanin kamfanonin Pennzoil da Getty bayan sun cimma matsaya ta farko, alhali ba su kai ga sa hannu a cikakkiyar kwangila ba.

Inda abin ya fi nauyi shi ne maganar fili. Mutanen Gwiwa sun san labarin shirin lantarkin hasken rana mai ƙarfin megawat 1,000 da aka ambata za a kafa a yankinsu. A 2018 Bankin Raya Afirka ya amince da tallafin dala miliyan ɗaya da rabi a kan shirin, kuma kuɗin na nazari ne da share fage, ba na gini ba. Manyan ayyuka haka suke tafiya, mataki-mataki, kuma tsakanin niyya da aza tubali akwai shekaru. Don haka kada wani ya bar gonarsa ba shuka saboda ya ji an sa hannu a takarda. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, takardar niyya ba ta mallaka wa kowa ko taƙi ɗaya. Mai takardar mallaka ta gwamna ma ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna. Mai unguwa ko dagaci da ya sa hannu a madadin jama'a ya tabbata ya rubuta cewa ba a miƙa fili ba, ba a yanke diyya ba, kuma za a ci gaba da noma har ranar da aka biya.

Kirana ga shugabannin ƙungiyoyi: kafin ku sa hannu, ku nemi cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa, a duba a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, ku kuma tambaya ko mai sa hannun darakta ne ko ɗan aike. Duk wanda ya kawo takardar niyya ya ce ku fara biyan kuɗin fom, ko ku ba shi takardun gonakinku ya riƙe, ku sallame shi. A fassara takardar da Hausa, a karanta ta a bainar 'yan ƙungiya, a kai wa lauya ya duba, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa. Kada a ci bashi, kada a sauya shuka, sai an sa hannu a kwangila.