Babi na huɗu ba kundin kwafi ba ne

'Yan uwa masu digiri na biyu, mu daina jera maganganun mutane muna kiransa bincike. Na yi hira da matan Daɗin Kowa 12 kan ƙarancin ruwa, na zuba kalamansu shafi tara. Malamina ya ce, "To, kai me ka gano?" Wallahi na yi tsit.

Sai na koma hanyar Braun da Clarke ta 2006. Duk inda aka ambaci kuɗin 'yan garuwa, layin rijiya ko makarar yara, na sa alama. Alamomin uku suka haɗu a jigo ɗaya: mata ke biyan rashin ruwa da lokacinsu.

Fara da wannan hukuncin naka, ka kawo magana ɗaya gajera shaida, har da wadda ta saɓa. In ka cire kalamansu babin ya zama fanko, ba ka fara nazari ba.